Ragowar Jika Bakwai Da Rabi: Yadda Ake Yafe Cikon Bashi Ba Tare Da Ya Zama Al'ada Ba

Duk wanda yake bayar da kaya bashi ya san irin wannan ragowa. Mutum ya ɗauki kayan dubban ɗaruruwa, ya biya kashi na farko, ya biya na biyu, da aka zo na ƙarshe sai ka ga ya rage wani ɗan abu, bai kai a ɗaga waya a kansa ba, amma kuma ya fi ƙarfin a mance da shi. Sai ya zauna a littafi wata biyu, wata uku. Kai kana jin nauyin tambaya, shi kuma yana jin nauyin kiranka, har a wayi gari abokin cinikin da kuka shekara goma tare ya fara sayen kaya a wani layi, ba don an yi faɗa ba, sai don kunyar 'yan kuɗin da ba su kai na cefanen mako ba.

Yawancinmu a ƙarshe yafewa muke yi, kuma daidai ne. Inda ake samun matsala shi ne wajen faɗa. Yanzu da cinikinmu ya koma waya, kalmar da ka rubuta ko ka faɗa a saƙon murya tana nan ajiye. Za a sake saurarenta, za a tura wa wani, wata rana ma a kafa maka hujja da ita. Shi ya sa nake so mu zauna a kan saƙo guda ɗaya, mu ga yadda aka fara rubuta shi da yadda ya koma.

Wani maƙwabcina ne a kasuwar Dantokpa, nan Kwatano, mai sayar da atamfa a sari. Yana da abokin ciniki a Malanville, can arewacin Benin a bakin kogin Kwara, tafiyar sama da kilomita 700. Mutumin dattijo ne, ya girme shi, ya kuma daɗe yana ɗaukar kaya a wurinsa. A wannan karon ya ɗauki turmi 80, kowane a kan sefa 8,000, jimla 640,000. Ya ba da 300,000 ranar lodi, ya turo 200,000 bayan mako uku, sannan ya turo 132,500. Idan ka haɗa, 632,500 ke nan. Saura 7,500, wato jika bakwai da rabi. A tsakani ya taɓa ambata a waya cewa ruwan sama ya taɓa turmi uku a hanya, ya sayar da su da ragi. Bai ce ya cire kuɗin ba, bai kuma ce zai ciko ba. Shiru kawai.

Kafin mu je ga saƙon, a duba girman kuɗin da kyau. A kan 640,000, jika bakwai da rabi kashi ɗaya ne da ɗan ɗoriya cikin ɗari, kamar ba komai. Amma ɗan kasuwa ba da jimlar ciniki yake auna asara ba, da riba yake aunawa. Maƙwabcin nawa sefa 500 yake samu a kan turmi, ribar lodin gaba ɗaya 40,000. To ka ga 7,500 ta kusa kashi ɗaya cikin biyar na ribar. Sau ɗaya, ana iya haƙuri da ita. Idan ta zama ta kowane lodi, kuma mutumin yana ɗaukar kaya sau huɗu a shekara, 30,000 ta tafi, kusan ribar lodi guda cur. Wannan kuma mutum ɗaya ne, ba a zo maganar waɗanda za su ji labari ba.

Ga abin da ya fara rubutawa, ya miƙo mini waya in duba kafin ya tura:

"Salamu alaikum Alhaji. Ɗan canjin da ya rage ka bar shi kawai, ba komai. Ai mu da kai ba a lissafi. Duk lokacin da aka samu irin haka kada ka damu. Allah ya bar zumunci."

Saƙo ne mai daɗin ji, kuma da zuciya ɗaya aka rubuta shi. Amma kusan kowace jimla a ciki tana da rami.

"Ɗan canji" bai faɗi nawa ba. A littafin maƙwabcina 7,500 ne. A littafin Alhaji wa ya sani? Wataƙila shi yana lissafa har da kuɗin wani ɗan kaya da aka aika masa daga baya, sai ya ɗauka duka aka yafe. Kuma kiran kuɗi "canji" yana koya wa mutum cewa irin wannan adadi a wurinka ba kuɗi ba ne. Gobe idan ya rage 9,000, ai shi ma canji ne.

"Ka bar shi" ta fi ko'ina haɗari, domin a Hausa tana da fuska biyu. Tana iya nufin na yafe, tana iya nufin bar shi tukuna, ma haɗa a lodi na gaba. Na sha ganin mutum biyu masu gaskiya sun yi sa-in-sa a kan wannan kalma, mai kaya yana cewa jinkiri ya bayar, mai karɓa yana rantsuwa an yafe masa, kuma kowannensu bai yi ƙarya ba. Idan yafewa kake nufi, kalmar ita ce "na yafe". Idan jinkiri ne, ka ce "na ɗaga maka zuwa" ka faɗi rana. Haka nan "na rage maka" wani abu ne daban: ragi a kan farashi yake, kuma wanda aka yi wa ragi yana da dalilin ɗauka cewa sabon farashinsa ke nan. Da maƙwabcina ya ce ya rage, da Alhaji ya raba 632,500 gida 80 ya ga turmi ya dawo masa ƙasa da 8,000, ya riƙe wannan a ransa don ciniki na gaba.

"Mu da kai ba a lissafi" kuwa magana ce ta zumunci da ake faɗa a bakin shago ana dariya, kowa ya san iyakarta. A rubuce sai ta zama kamar ƙa'ida. Ita kuma jimlar "duk lokacin da aka samu irin haka", wannan ba sai na yi bayani ba, ƙofa ce aka cire mata ƙyaure gaba ɗaya.

Da na nuna masa waɗannan, sai ya karɓi wayar ya sake rubutawa, wannan karon ya faɗa ɗaya ramin:

"Alhaji, kuɗinka bai cika ba, saura 7,500. Na yafe maka saboda Allah duk da ni ma ina da buƙata, amma wannan ne na farko kuma na ƙarshe. Don Allah a kiyaye gaba."

Adadi ya fito, kalmar yafewa ta fito, an kuma rufe ƙofar gaba. Amma ka sa kanka a matsayin dattijon da ya biya 632,500 ba tare da an bi shi ba, ya buɗe waya ya ga wannan. "Kuɗinka bai cika ba" tuhuma ce. "Duk da ni ma ina da buƙata" gori ne tun kafin kyautar ta isa hannu, kuma mun san abin da aya ta 264 a cikin Suratul Baƙara ta yi gargaɗi a kai game da ɓata sadaka da gori da cutarwa. "A kiyaye gaba" kuwa yaron shago ake faɗa wa, ba wanda ya girme ka ba. Abin da irin wannan saƙo yake haifarwa sananne ne: gobe da safe za ka ga 7,500 ta shigo wayarka ba ko sallama, daga nan ba za ka sake ganin odarsa ba. Ka karɓi jika bakwai da rabi, ka rasa mai kawo maka ribar 160,000 a shekara.

Ga wanda aka tura a ƙarshe:

"Salamu alaikum Alhaji, ina fatan kana lafiya, ya iyali, ya kasuwa? Saƙonka na 132,500 ya iso, na gode, Allah ya ƙara buɗi. Na duba littafi a kan atamfa turmi 80 na lodin watan jiya: jimla 640,000 sefa, ka biya 632,500, ragowar 7,500. Na tuna ka ce ruwa ya taɓa turmi uku a hanya. Ko da yake kaya sun bar hannunmu lafiya, ban so asarar ta zauna a kanka kai kaɗai ba, saboda haka wannan 7,500 na yafe, halak malak. Lissafin wannan lodi ya rufe, ba ka da bashina ko dala. Sabbin zane suna shigowa ƙarshen wata, farashi da biya kamar yadda muka saba. Idan wani abu ya sami kaya a hanya, ka sanar da ni ranar da suka sauka mu san yadda za mu yi tun kafin lissafi. A gaida mutanen gida."

Ya fi na farko tsawo, amma babu jimlar da take zaman banza. Bari in tsaya a kan waɗanda suka fi ɗaukar nauyi.

An fara da abin da ya biya kafin a ambaci abin da ya rage. Wannan ba ladabi kawai ba ne, gaskiyar lissafi ce: mutumin ya biya kusan kashi 99 cikin ɗari. Wanda aka fara gode masa a kan abin da ya kawo, idan aka zo ambaton ragowa ba ya jin an kama shi. Sannan an jera lambobi uku, jimla da abin da aka biya da saura, don idan littafinsa ya saɓa da naka ya yi magana yanzu. Kuma a rubuta da lamba, a sa "sefa" a gefe. Mu da muke ƙasashen sefa mun san rikicin dala: dala ɗaya sefa biyar ce, jika ɗaya dala 200 ce, wato sefa 1,000. Wannan 7,500 ɗin, a bakin mai ƙirga da dala, 1,500 ce. Ka ce wa mutum a saƙon murya "na yafe dubu da ɗari biyar", wani zai ji dala, wani zai ji sefa, tsakaninsu kuwa ninki biyar ne. Waɗanda suke Kumasi ko Accra suna ciniki da mutanen Lome ko Kano su ma su faɗi ko sidi ne ko sefa ko naira, domin canji yana motsi, kuma ragowar da ba a faɗi kuɗin da aka ƙirga ta da shi ba tana iya girma ko ta ƙanƙance kafin wata ya ƙare.

Sai dalili, wanda a ganina nan ne gaba ɗaya dabarar take. Abin da yake hana yafiya zama al'ada ba gargaɗi ba ne, dalilin da ka rataya ta a kansa ne. Idan ka ce ka yafe saboda zumunci, to zumunci yana nan a lodi na gaba, da na bayansa. Idan ka ce saboda kasuwa ta yi nauyi, yaushe kasuwa ta taɓa yin sauƙi a bakin ɗan kasuwa? Idan ka ce saboda kuɗin cirewa da ake yanka a waya, wannan kowane turi sai an yanka, ka ɗaura wa kanka shi ke nan har abada. Amma ruwan da ya taɓa turmi uku a wannan lodi abu ne da ya faru sau ɗaya, yana da rana, yana da adadi. Ranar da babu ruwa, babu dalili, kuma Alhaji da kansa zai fahimci haka ba sai an ce masa "na farko kuma na ƙarshe" ba. Sharaɗi dai dalilin ya zama gaskiya. Idan babu wani abu da ya faru, kada ka ƙirƙira. Ka rataya ta a kan rufe littafi: "ina rufe lissafin shekara kafin azumi, na ga wannan ragowa, na yafe ta don mu buɗe sabon shafi." Ko da yake shi ma wannan, a yi hattara, azumi yana dawowa kowace shekara. Wanda ya yi wa mutum ɗaya haka sau biyu a jere, a shekara ta uku jira za a yi.

Ka lura da 'yar jimlar nan, "ko da yake kaya sun bar hannunmu lafiya". Yarjejeniyarsu tun asali ita ce da zarar an yi lodi a tasha, kaya na mai saye ne, shi ya zaɓi mota, shi yake biyan direba. Da an yafe saboda ruwa ba tare da wannan jimla ba, sai ya zama kamar mai kaya ya amsa cewa lalacewar hanya a wuyansa take. Yau turmi uku ne. Ran da mota ta kwana cikin ruwa aka jiƙa turmi talatin fa? Jimlar ta raba tsakanin kyauta da hakki, kuma ta yi hakan a cikin rabin numfashi, ta wuce ba ta tsaya jayayya ba. Idan kuwa laifin daga wurinka ne, misali ka aika kaya da tabo ko ƙirga bai cika ba, to wannan ba yafiya ba ce sam, gyaran lissafi ne, kuma kada ka sa masa rigar alheri. Ka ce an cire kaza saboda kaza, ka ba da haƙuri.

"Ba ka da bashina ko dala" ita ce jimlar da take sauke wa mutum kaya daga ka. Mai ragowar bashi abin da yake so ya ji ke nan, cewa zai iya shigowa shagonka gobe ba tare da sunkuyar da kai ba. Kuma ka sani, da ka faɗe ta ta faɗu. Malamai suna cewa hakkin da mai shi ya sarayar ba ya dawowa. Ba ka da damar ranar da kuka saɓa a kan wani abu ka ce "har da jika bakwai da rabin nan da na bar maka". Idan zuciyarka ba ta saki kuɗin ba, kada ka rubuta "na yafe", ka nemi abinka cikin mutunci, wannan ma ba laifi ba ne.

Maganar gaba kuma an yi ta ne da harshen ciniki: sabbin kaya suna zuwa, farashi da biya kamar yadda aka saba. Wannan "kamar yadda muka saba" ita ce take aikin da "a kiyaye gaba" ta so yi, amma ita gayyata ce. Tana gaya masa ana son ya dawo, tana kuma gaya masa 8,000 tana nan 8,000. Jimlar da ta biyo baya ta ba shi hanyar da zai bi idan an sake samun matsala: ya yi magana ranar da kaya suka sauka, ba ya yanke da kansa a biyan ƙarshe ba. Yawancin masu rage ciko ba macuta ba ne. Suna da ƙorafin da suka ji nauyin faɗa, sai suka faɗe shi da lissafi.

Akwai abu biyu na addini da suke shiga irin wannan saƙo ba a sani ba. Na ɗaya, wasu suna rubuta "na bar maka a matsayin zakkata". Mafi yawan malamai, har da na mazhabarmu ta Malikiyya, ba su yarda a lissafa bashin da aka yafe a cikin zakka ba. Ban da haka ma, ka gaya wa ɗan kasuwa mai rufin asiri cewa ka ba shi zakka, ai ka zage shi. Na biyu, idan lokacin biya bai yi ba tukuna, kada ka rubuta "turo 125,000 yau in yafe maka sauran". Ragi a kan sharaɗin gaggauta bashin da wa'adinsa bai cika ba mas'ala ce da Malikiyya suka hana, ko da yake akwai malaman da suka halatta. A labarinmu wannan bai taso ba, domin wa'adi ya wuce, kuma yafiyar ba ta da sharaɗi. Wanda nasa ya zo da sharaɗi ya tambayi malaminsa kafin ya tura.

Sannan ka tabbata kuɗin naka ne. Yaron shago, ko dillali, ko wanda yake juya dukiyar wani a raba riba, ba shi da ikon yafe abin da ba nasa ba sai da izinin mai shi. Haka uwargida da take sayar da zannuwa a gida cikin kayan maigida, ko maigidan da yake karɓar wa matarsa kuɗin kayanta: a yi shawara tukuna. Su ma mata masu bayar da kaya biya-sannu a unguwa wannan magana ta shafe su, har ta fi, domin masu sayensu duk sun san juna, a gidan suna ɗaya ake haɗuwa. Abin da kika yafe wa ɗaya da safe, kafin la'asar ta biyu ta ji. A nan dalilin da ya keɓanta da mutum ɗaya shi ne kariyarki: "saboda rashin lafiyar yaronki a wannan wata" ba kowa ce za ta iya ɗauka ta yafa ba. Amma kada a rubuta "kar ki gaya wa kowa". Wannan jimla ita take sa a gaya wa kowa, kuma tana sa abin ya yi kama da farashin ɓoye. Ka rubuta saƙon yadda ko an tura wa duk 'yan layinku ba za ka ji kunya ba, ba kuma wanda zai samu abin kamawa.

Idan abokin cinikin ba ya karatun boko, a yi saƙon murya, amma a tsara shi kafin a danna. Saƙon murya yana jan baki, kana farawa da "na yafe" sai ka tsinci kanka a "ai mu da kai ba a lissafi". Ka faɗi abin da ke cikin rubutun nan, ka tsaya, sannan ka bi shi da lambobin a rubuce ko hoton shafin littafi. Dattijo irin Alhaji kuma ya cancanci a kira shi a gaisa tukuna, saƙon ya biyo baya a matsayin shaida. A littafinka kada ka goge 7,500 ɗin, kada kuma ka rubuta "ya biya". Ka rubuta "an yafe", da rana, da dalili, ka ja layi. Idan ka rubuta ya biya, kuɗin aljihu da na littafi ba za su haɗu ba a ƙarshen wata, sai a fara zargin yaro. Kuma bayan shekara, wannan shafin ne zai nuna maka ko wa ka yafe wa, sau nawa.

Alhaji ya amsa da dogon saƙon murya na godiya da addu'a, ya ce a ajiye masa turmi 100 cikin sababbin. Amma amsa mai daɗi ba ita take nuna ko saƙo ya yi aiki ba, biyan ƙarshe na lodi na gaba shi yake nunawa. Idan ya cika cif, magana ta ƙare. Idan ya sake zuwa da giɓi, musamman giɓi mai kama da na baya kuma ba wani ƙorafi a gabansa, to an fara ɗaukar yafiyar a matsayin farashi, kuma a ranar ake magana, ba a bari ya kwana a littafi. Ba a tuna masa alherin baya, ba a ce "wancan karon na yafe maka". Layi biyu sun isa: "Alhaji, saƙo ya iso, na gode. Saura 6,000 sefa lissafin ya cika, sai na ji ka." Idan ya ce ai ya ɗauka kamar wancan ne, amsar tana nan a wayarsa da taka: wancan na ruwan da ya taɓa turmi uku ne, wannan lodin kuwa lafiya ya sauka.